Daga Blender zuwa Cikin Gem: Yadda Ake Sa wa Mutum-mutumi Ƙashi Ya Yi Tafiya

Duk mutumin da ka gani yana gudu ko tsalle a cikin gem na waya, asalinsa gunki ne sandararre da wani ya sassaƙa a kwamfuta. Jikinsa raga ce ta ɗigogi da aka haɗa da layuka, aka rufe tsakaninsu da 'yan alwatika. Idan alwatikan ba su da yawa, kamar dubu ɗaya ko biyu, sai a ce mutum-mutumin mai ƙarancin foligon ne, kuma irinsa ne ƙaramar waya ke iya juyawa ba tare da ta yi zafi ko ta riƙa sarƙewa ba. Manhajar da mafi yawan masu koyo ke yin wannan aiki da ita ita ce Blender, wadda Ton Roosendaal, mutumin ƙasar Holan, ya ƙirƙira, aka sake ta kyauta ga kowa a 2002.

A da Blender tana da injin gem nata na kanta, amma an cire shi lokacin da aka fitar da Blender 2.80 a 2019. Tun daga nan, duk abin da ka gina a cikinta dole ya ƙetara zuwa wata manhaja dabam, kamar Godot ko Unity ko Unreal, ta cikin fayil guda. Wannan fayil kuwa ba ya ɗaukar kaya da yawa. Raga yake ɗauka da launinta, da jerin ƙasusuwa, da lissafin yadda kowane ɗigo ke bin kowane ƙashi, da kuma rubutaccen matsayin ƙasusuwan a kowane lokaci na motsi. Sauran dabarun da Blender ke taimaka maka da su kana aiki duk a gida suke tsayawa. Mafi yawan ɓacin ran da masu koyo ke sha daga nan yake fitowa: mutum ya ga abu ya yi kyau a Blender, ya ɗauka haka zai isa, ya buɗe shi a injin ya tarar da gwiwa ta shaƙe ko ƙafa tana sulɓi a ƙasa.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mutum-mutumin ɗan aike ne, tsawonsa mita 1.7, alwatikansa kusan 1,500, yana sanye da hula da riga mai kai gwiwa. Muna so ya yi tsayuwa da tafiya, kuma za mu kai shi Godot, injin da Juan Linietsky da Ariel Manzur na ƙasar Ajantina suka fara, aka buɗe shi kyauta a 2014.

Kafin a sa ƙashi ko ɗaya

Tun ran gini tun ran zane. Abubuwa uku ake daidaitawa tun gunkin bai san ƙashi ba. Na farko girma: a Blender da Godot duka, awo ɗaya mita ɗaya ne, saboda haka ɗan aiken ya kai 1.7 a tsaye, tafin ƙafarsa a kan ƙasa daidai tsakiyar fili. Na biyu fuska: ya kalle ka idan ka danna 1 a madannan lamba na gefe, wato yana fuskantar ɓangaren −Y. Na uku, ka zaɓe shi ka danna `Ctrl+A` ka zaɓi `All Transforms`, domin `Scale` ya koma 1 a ko'ina, juyi kuma ya koma sifili. Wanda ya tsallake wannan zai iya gyarawa daga baya, amma da tsada, domin idan ka riga ka yi motsi sannan ka sauya girman ƙwarangwal, lambobin da aka rubuta na tafiyar ƙafa da kugu ba sa sauyawa tare da shi, sai taku ya koma ƙato ko ɗan mitsitsi. Idan ka yi amfani da `Mirror` wajen sassaƙa rabin jiki, nan ne wurin tabbatar da shi ya zama raga ɗaya cikakkiya.

Sai ka duba gaɓoɓi. Mai ƙarancin foligon ba shi da alwatikan ɓarnatarwa, don haka tambayar ita ce ina ya kamata a kashe su. Amsar ita ce a inda jiki ke lanƙwasa. Ƙwauri tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu ba ya buƙatar zobe ko ɗaya a tsakiya, tunda ba ya tanƙwaruwa. Gwiwa kuwa tana son zobe uku: ɗaya a kan gaɓar, ɗaya sama kaɗan, ɗaya ƙasa kaɗan. Haka gwiwar hannu. Tela ma a gwiwa da hamata yake barin sarari, ba ya ƙara yadi a inda jiki ba ya motsi. Ana ƙara zobe da `Ctrl+R`.

Dalilin zoben uku lissafi ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar aikin. Injin gem yana motsa ɗigo ta hanya mai sauƙi: ya duba inda ƙashi na ɗaya zai kai ɗigon, ya duba inda na biyu zai kai shi, sannan ya ajiye shi a tsakani gwargwadon kason kowanne. Ka ɗauki ɗigo a kan gwiwa wanda cinya ke da rabinsa, ƙwauri ke da rabi. Idan aka lanƙwasa gwiwar digiri 90, tsakiyar wuraren nan biyu tana faɗawa kusa da gaɓar fiye da inda ɗigon yake tun farko. Nisansa daga tsakiyar gaɓa yana raguwa zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari. Ma'ana gwiwa ta rame da kusan kashi uku cikin goma. Idan kuma murɗawa aka yi har digiri 180, kamar a wuyan hannu, nisan sifili yake zama, hannun ya tsuke kamar an ɗaure shi. Idan zobe ɗaya ne tak a gaɓar, ramar tana jan duk tsawon cinya da ƙwauri, ƙafa ta motse tun daga sama har ƙasa. Idan uku ne, na sama yana bin cinya kusan gaba ɗaya, na ƙasa yana bin ƙwauri, sai ramar ta tsaya a ɗan tsakaninsu inda ido ba ya damuwa da ita.

Blender tana da maganin wannan, wani ɗan akwati mai suna `Preserve Volume` a cikin `Armature` na ragar. Kada ka taɓa shi. Yana gyara gwiwar a gabanka, amma lissafinsa ba ya shiga fayil, kuma injin zai koma ga hanyarsa ta asali. Gara ka ga munin tun yanzu ka gyara shi da zobe da kaso.

Ƙwarangwal

Da `Shift+A` ake ƙara `Armature`, ya zo da ƙashi ɗaya. Ka kunna `In Front` domin ka riƙa ganin ƙasusuwa ta cikin jiki. Wannan ƙashi na farko ka kwantar da shi a ƙasa tsakanin ƙafafu, ka sa masa suna `tushe`. Ba ya riƙe nama ko kaɗan, aikinsa ya zama uban kowa, ta yadda idan ya matsa duk jiki ya bi shi. Daga nan sai `kugu`, `baya`, `kirji`, `wuya`, `kai`, kowanne ana tsiro da shi daga na ƙasansa da `E`. Hannu ƙashi huɗu ne, kafaɗa da damtse da sangali da tafi. Ƙafa ma huɗu, cinya da ƙwauri da sawu da yatsu. Jimla 22. Ɗan aiken da za a riƙa hange daga nesa a fuskar waya ba ya buƙatar ƙashi a kowane yatsa. Da an yi masa, ƙashi talatin ne za su ƙaru don abin da ba wanda zai gani.

Gefe ɗaya kawai za ka gina, na hagunsa, kowane suna ya ƙare da `.L`, kamar `cinya.L` da `kwauri.L`. Sannan ka zaɓe su ka danna `Symmetrize`, Blender ta haifar da na dama masu `.R`. Wannan wutsiyar suna ba ado ba ce, da ita Blender ke gane ƙashi da ɗan'uwansa, kuma nan gaba ita za ta rage maka rabin aikin tafiya. Sunayen ka rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, ba tazara, domin za a buga su a cikin lambar shiri. Abu ɗaya dai, idan kana da niyyar aro motsin da wasu suka riga suka yi ka ɗora wa naka, sunayen Turanci da aka saba sun fi, domin da su injin ke ƙoƙarin gane ƙasusuwa da kansa. Wanda zai yi motsinsa da hannunsa, sunan da ya fi ganewa ya fi masa.

A gwiwa, ka tura gaɓar gaba kaɗan, kamar santimita ɗaya ko biyu, kada cinya da ƙwauri su miƙe sak. Amfanin wannan zai bayyana yanzu.

Akwai hanya biyu ta motsa ƙafa. Ko ka juya cinya, sannan ƙwauri, sannan sawu, ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ka kama sawun ka ajiye shi inda kake so, manhaja ta lissafa yadda cinya da ƙwauri za su lanƙwasa su kai can. Ga hannu mai lilo a iska, ta farko ta isa. Ga ƙafa kuwa ta biyu ce ke da amfani, domin ƙafar da ke ƙasa dole ta kafe yayin da kugu ke hawa da sauka. Sai ka yi wani ƙashi a diddige, ka raba shi da ƙafar da `Alt+P`, ka mai da `tushe` ubansa, ka kira shi `jagora.L`. Ka yi wani ƙarami a gaban gwiwa, kamar rabin mita, wanda gwiwa za ta riƙa kallo. A kan `kwauri.L` ka ɗora `Inverse Kinematics`, `Target` ya zama jagoran, `Pole Target` ya zama ƙaramin nan, `Chain Length` ya zama 2. Idan ka bar shi a sifili, lissafin zai haura har kugu, ka ja ƙafa duk jiki ya biyo. Idan ƙafar ta murɗe gefe da zarar ka sa `Pole Target`, ka juya `Pole Angle` har gwiwa ta dawo gaba; sau da yawa −90 ne ke daidaita ta. Ɗan lanƙwasan da ka bari tun farko shi ke gaya wa lissafin ta wane gefe gwiwa ke karyewa. Ba shi, tana iya karyewa ta baya.

Waɗannan ƙasusuwa huɗu na jagora, biyu a kowace ƙafa, ka cire musu alamar `Deform`. Kayan aikinka ne kai kaɗai, ba su da rabo a jiki, kuma ba za su yi tafiya zuwa injin ba.

Rabon kaso, inda aikin yake

Ka cire wa `tushe` ma `Deform` na ɗan lokaci, don kada a ba shi naman ƙafa. Ka zaɓi raga, ka haɗa da ƙwarangwal, ka danna `Ctrl+P`, ka zaɓi `With Automatic Weights`. Bayan an gama sai ka mayar wa `tushe` alamarsa, domin shi muna so ya shiga fayil. Wani lokaci Blender za ta amsa maka da wannan:

```
Bone Heat Weighting: failed to find solution for one or more bones
```

Galibi laifin ragar ne. Ko akwai ɗigogi biyu a kwance kan juna, ko wasu sassa sun kutsa cikin juna, kamar hula da kai. Ka shiga ragar, ka zaɓi komai, ka danna `M` ka zaɓi `By Distance` don a haɗe tagwayen ɗigogi. Idan bai isa ba, ka ware hular, ka yi wa jiki rabonsa, ita kuma ka ba ta nata da hannu.

Rabon da Blender ke yi da kanta mafari ne kawai. A raga mai dubban ɗaruruwan ɗigogi, kuskuren ɗigo ɗaya yana ɓacewa cikin jama'a. A tamu, ɗigo ɗaya yana iya zama kusurwar kafaɗa gaba ɗaya, kuma idan ya karkace kowa zai gani. Amma ƙarancin nan alheri ne ta wata fuska, tunda kana iya bin ɗigogin gaɓa ɗaya-ɗaya ka rubuta musu lamba. A `Weight Paint`, shuɗi sifili ne, ja kuma ɗaya ne, wato ƙashin ya mallaki ɗigon ɗungurungum. Ni na fi son in zaɓi zobe a `Edit Mode` in buga lambar da kaina, domin buroshi yana fantsama inda ba a aike shi ba. Ga gwiwar ɗan aike, zoben sama 0.9 ga cinya da 0.1 ga ƙwauri, na tsakiya rabi da rabi, na ƙasa 0.1 da 0.9. Hula kuwa 1 ga `kai`, babu abokin tarayya, in ba haka ba za ta riƙa lotsewa duk lokacin da ya waiwaya.

Gwajin ba shi da wuya. A `Pose Mode` ka ɗaga hannu sama har ƙarshe, ka durƙusar da shi, ka murɗa kugu, kana kallo. Idan ka ɗaga hannu haƙarƙari ya biyo, damtse ya ci kason da ba nasa ba. Idan ka ɗaga ƙafar hagu wani tsini ya fito daga ta dama, cinyoyin sun yi kusa lokacin rabo, ɗaya ta ɗebi ɗigon 'yar'uwarta. Idan kuma ka ja `tushe` gefe ka ga wani ɗigo ya tsaya a inda yake, ragar ta miƙe kamar zare, wannan ɗigon ba shi da uba ko ɗaya.

Rigar ita ce ta fi cin lokaci. Wando yana bin ƙafa ɗaya, riga kuwa ta rufe ƙafa biyu masu tafiya a saɓanin juna. Blender za ta raba ta tsakanin cinyoyin yadda ta ga dama, kuma da zarar ya ɗaga ƙafa, gwiwa za ta huda yadin ta leƙo. Akwai lissafin yadi a Blender mai sa tufa ta yi lilo kamar ta gaske, amma shi ma ɗan gida ne, ba ya shiga fayil a matsayin motsin ƙashi. Abin da ke aiki shi ne, da farko ka goge cinyoyin da ke ƙarƙashin rigar, tunda ba mai ganinsu. Abin da babu shi ba zai huda komai ba, kuma ka sami rarar alwatika. Sannan ka tsaga rigar ta gefe biyu, yadda ake yi wa kaftani, don gaba da baya su rabu. Layin tsakiyar gaba ya zama rabi ga cinyar hagu, rabi ga ta dama, gefuna kuma kowanne ya karkata ga cinyar da ke kusa da shi, sama kusa da ɗamara ya koma hannun `kugu`. Ga tafiya wannan ya wadatar. Idan zai yi gudu ko zai zauna, sai ka ƙara wa rigar ƙashi huɗu masu saukowa daga kugu, biyu gaba biyu baya, ka riƙa motsa su da hannu. Ƙasusuwan da za su fita sun zama 26 ke nan, kuma ba nauyi ba ne.

Kafin ka bar wannan mataki, a menu na `Weights` ka danna `Limit Total` a kan 4, sannan `Normalize All`. Blender ba ta damu ba ko ƙashi bakwai ne ke jan ɗigo ɗaya, amma fayil ɗin a yadda aka saba fitar da shi huɗu mafi ƙarfi yake riƙewa ya zubar da saura. Idan kai ka rage su da kanka, abin da ka gani shi zai isa. Na biyun kuma yana tabbatar da kason kowane ɗigo ya haɗu ya ba da ɗaya cif.

Taku biyu a daƙiƙa ɗaya

Tafiya zagaye ce: taku biyu, sannan a maimaita. A `Dope Sheet` ka koma `Action Editor`, ka buɗe sabon motsi mai suna `tafiya-loop`. Blender tana nuna firam 24 a daƙiƙa, mu kuma za mu yi zagayen a daƙiƙa ɗaya, daga firam 0 zuwa 24. Ka fara daga 0, kada ka fara daga 1 da Blender ke ba ka, domin a fayil lokaci ake rubutawa, kuma firam 1 yana iya barin ɗan gurbi a farkon motsin wanda za a ji kamar tuntuɓe a kowane zagaye.

Kowane taku yana da tsayuwa huɗu. A firam 0 diddigen hagu ya taɓa ƙasa a gaba, yatsun dama suna baya, hannun dama yana gaba. A firam 3 nauyi ya sauka kan ƙafar hagu, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, kugu yana mafi ƙasƙancinsa. A firam 6 ƙafar dama tana wucewa ta gefen ta hagu, wadda ta miƙe. A firam 9 jiki ya ɗago kan yatsun hagu, kugu yana mafi tsawonsa. Hawa da saukar kugun santimita uku ko huɗu ne kacal, amma idan babu su sai ka ga mutum yana shawagi. A kowace tsayuwa ka zaɓi duk ƙasusuwa da `A` ka danna `I` don a rubuta ta. Rabi na biyu ba sai ka sake ginawa ba: ka kwafi tsayuwar firam 0 da `Ctrl+C`, ka je firam 12 ka danna `Ctrl+Shift+V`, ta sauka a juye, hagu ya zama dama. Haka 3 zuwa 15, 6 zuwa 18, 9 zuwa 21. Firam 24 kuwa kwafin firam 0 ne ba juyi. Idan kana kallon zagayen a cikin Blender, ka tsayar da shi a 23 don kada tsayuwa ɗaya ta fito sau biyu a jere, amma firam 24 ya zauna a cikin motsin, domin injin yana buƙatarsa ya san inda zai rufe zagayen.

Ɗan aikenmu a wuri ɗaya yake tafiya, `tushe` ba ya gusawa, lambar shirin gem ce za ta tura shi gaba. A nan ne sulɓin ƙafa ke shigowa, kuma maganinsa lissafi ne mai sauƙi. Ƙafar da ke ƙasa tana ja baya daga santimita 35 a gaban jiki zuwa 35 a bayansa, wato mita 0.7, a cikin firam 12, rabin daƙiƙa. Saurin da ya dace da wannan taku mita 1.4 ne a daƙiƙa. Idan gem ya tura shi da mita 2, ƙafar za ta riƙa zamewa gaba kamar a kan santsi. Idan da mita 1 ne, za ta riƙa sharar ƙasa ta baya. Akwai kuma wani ɓoyayyen dalili. Blender tana sassauta motsi a farkonsa da ƙarshensa don ya yi laushi, alhali jiki a gem da sauri ɗaya yake tafiya. Don haka a `Graph Editor` ka zaɓi layin ja-bayan jagoran ƙafa a lokacin da take ƙasa, ka danna `T` ka zaɓi `Linear`.

Motsin tsayuwa ya fi sauƙi, ɗan numfashi ne a ƙirji da sauya nauyi a kugu, kamar daƙiƙa biyu. Sai dai ka kula da abu biyu. Duk motsin da ka buɗe, ka rubuta matsayin dukkan ƙasusuwa a firam ɗinsa na farko, har waɗanda ba za su motsa ba, in ba haka ba ƙashin da ba a rubuta ba yana iya riƙe tsayuwar da wani motsi ya bar shi a ciki, ka ga mutum a tsaye da hannu ɗaya a gaba. Sannan ka danna alamar garkuwa, `Fake User`, a gefen sunan kowane motsi. Blender tana zubar da duk abin da ba mai amfani da shi idan aka adana aka rufe, kuma motsin da ba shi ne a kan ƙwarangwal a lokacin ba yana cikin waɗanda ake zubarwa. Danna `Push Down` ma yana tsare shi, yana kuma sa a gan shi sarai wajen fitarwa.

Ƙetarawa

Ga Godot, tsarin glTF 2.0 ne hanya mafi miƙewa. Ƙungiyar Khronos ce ta fitar da shi a 2017, kuma buɗaɗɗe ne ga kowa. Ka zaɓi raga da ƙwarangwal, ka je `File`, `Export`, `glTF 2.0`, ka bar shi a `.glb`, wanda ke tattara komai a fayil guda. Ka kunna `Selected Objects` don kada fitila da kyamara su biyo, ka kunna `Export Deformation Bones Only` don jagorori su tsaya a gida. Mai fitarwar zai bi motsin firam bayan firam, ya dubi inda lissafin jagora ya kai cinya da ƙwauri, ya rubuta juyinsu kai tsaye. Abin da injin ke samu ke nan, ba ya ma sanin an taɓa yin jagora. `+Y Up` kuma ka bar shi a kunne, domin a Blender Z ne sama, a Godot da Unity kuwa Y ne.

Mai zuwa Unity galibi da FBX na kamfanin Autodesk yake fita. A can ka cire alamar `Add Leaf Bones`, wadda ke liƙa ƙarin ƙashi marar amfani a ƙarshen kowane reshe, ka kunna `Only Deform Bones`, sannan ka duba girma da kyau, domin FBX da santimita yake awo, kuma nan ne ake samun ƙwarangwal mai ninki ɗari.

A Godot, da ka jefa fayil ɗin cikin jakar aikin, za ka tarar da `Skeleton3D` da `AnimationPlayer`. Ka buɗe na farkon ka ƙirga: 22 ya kamata ka gani, ko 26 in ka ƙara wa rigar ƙasusuwa; in ka ga ƙarin huɗu a kan haka, jagorori sun biyo. Wutsiyar `-loop` da muka sa wa sunan tana sa Godot ya riƙa maimaita motsin da kansa, kuma yana cire ta daga sunan. Ga yadda ake ɗaure saurin taku da saurin jiki:

```
$AnimationPlayer.play("tafiya")
$AnimationPlayer.speed_scale = gudu / 1.4
```

Idan `gudu` ya kai mita 1.75 a daƙiƙa, motsin zai ƙara sauri da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙafa ta ci gaba da kafewa. Wannan dabara tana da iyaka. Da an doshi ninki biyu, mutum ya koma mai sassarfa da ba ta yi kama da ta ɗan Adam ba, domin a gudu akwai lokacin da ƙafa biyu duka ke sama, abin da tafiya ba ta da shi. Nan sai an yi motsin gudu na dabam.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne su ga ɗan aiken yana tafiya da baya. Fayil ɗin bai lalace ba. Wanda ya fuskanci −Y a Blender yana isa Godot yana fuskantar +Z, alhali umarnin `look_at` yana ɗaukar −Z a matsayin gaba. Ka juya mutum-mutumin digiri 180 a ƙarƙashin jikin da ke ɗauke da shi a cikin Godot, kada ka koma Blender ka juya ƙwarangwal da ya riga ya sami motsi. Idan kuma ka ga wani fallen riga yana karyewa ta wata fuska dabam da yadda ka saba gani, dalilin shi ne injin alwatika kaɗai ya sani, kuma an raba kowane falle mai kusurwa huɗu gida biyu wajen fitarwa, wataƙila ta layin da ba ka so ba. Ka koma wannan fallen a Blender, ka zaɓi ɗigogi biyu masu kallon juna ta inda kake so ya karye, ka danna `J` ka yanka shi da kanka, sannan ka sake fitar da fayil ɗin a kan tsohon sunansa, Godot zai ɗauki sabon da kansa.